Fiksel 600 cikin firem 20: yadda gwanin edita ke sauke suna a allo

Mutum na magana a talabijin, sai sunansa ya kutso daga gefen hagu, ya zo ya tsaya a ƙasan allo. Duka abin bai cika sakan ɗaya ba, kuma mai kallo ba ya ma tuna ya gan shi. To amma a cikin wannan ɗan lokaci ne ake rabe hannun gwani da na ɗan koyo. A wajen ɗan koyo, sunan yakan taho da gudu iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, sannan ya ƙame nan take, har ido ya ɗan razana. A wajen gwani kuwa, sunan yakan shigo da sauri, ya riƙa rage gudu, ya zauna a gurbinsa ba tare da an san lokacin da ya tsaya ba. Wurin tashi ɗaya ne, wurin sauka ɗaya ne, tsawon lokacin ma ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne yadda aka raba nisan tafiyar a tsakanin hotunan da ke cikinta. Wannan rabon shi ne sana'ar, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa da sauri, kowane ɗaya ana kiransa firem. A tsarin talabijin da Najeriya ta gada, firem 25 ne ke wucewa a kowane sakan. Edita ba ya zama ya tura suna firem bayan firem. Abin da yake yi shi ne ya kafa alama a wani lokaci ya ce “a nan kake yanzu”, ya kafa wata a gaba ya ce “a can nake so ka kasance”. Waɗannan alamomi su ne kifirem. Duk abin da ke tsakaninsu kwamfuta ce ke cikewa. Idan ba a gaya mata komai ba, sai ta bi hanya mafi sauƙi a lissafi, ta raba nisan daidai wa daida, kowane firem ya samu kaso ɗaya da ɗan uwansa. Wannan ce tafiyar da manhajojin ke kira `Linear`.

Aibin wannan tafiya shi ne babu wani abu mai nauyi a duniya da ke yin irinta. Dubi mace ta dawo daga rijiya da tulu cike da ruwa a ka. In za ta sauke shi, takan zo da shi ƙasa da ɗan hanzari, amma da gindin tulun ya kusa taɓa ƙasa sai hannunta ya sassauta, tazarar ƙarshe ta bi ta a hankali ƙwarai. Da za ta kai shi ƙasa da gudun da ta faro da shi, da ya fashe. Idonmu ya ga irin wannan sau ba adadi tun muna yara, shi ya sa yake ganewa nan da nan idan abu ya tashi ba shiri ya tsaya ba shiri. Ba sai an koya wa kowa ba.

Masu zanen katun na kamfanin Disney sun gano haka tun kafin a san kwamfuta a wannan aiki. A wancan zamani babban mai zane ne ke zana muhimman hotunan motsi, wato inda hannu ya fara da inda ya ƙare, sannan mataimakansa su zana na tsakani. Don kada mataimakin ya raba tazarar daidai, sai babban ya ja ɗan layi a gefen takarda ya yi masa tsage-tsage. Inda tsagen suka cunkushe, ana nufin zane-zanen su kusanci juna, motsi ya yi sanyi. Inda suka warwatsu, motsi ya yi sauri. Sau da yawa mataimakin kan zana rabin tazarar da ta rage, sannan rabin abin da ya saura, sannan rabin wannan kuma, har hannun ya isa inda za shi. Biyu daga cikin manyan masu zanen kamfanin, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun jera wannan dabara ta sassautawa a tashi da sauka a cikin ƙa'idoji 12 na motsin zane, a littafinsu The Illusion of Life na shekarar 1981. Editan da ke zaune yau a gaban kwamfuta a Kano ko Kaduna, wancan ɗan layin mai tsage-tsage ne yake ja, ko da bai taɓa jin labarinsa ba.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi daki-daki a manhajar After Effects. Allonmu fiksel 1920 ne a faɗi, 1080 a tsayi, firem 25 a sakan. Muna da suna da aka rubuta a kan ɗan allo mai faɗin fiksel 400, kuma tsakiyarsa ce ake aunawa. Muna so ya fito daga wajen allo ta hagu ya zauna a ƙasa. Sai a zaɓi layin sunan, a danna `P` don `Position` ya bayyana, a koma firem na 0, a danna ɗan agogon da ke gefensa, a sa X ya zama -200, Y kuma 900. A wannan wuri sunan ya ɓoye gaba ɗaya, bakinsa na dama yana daidai da gefen allo. Daga nan a matsa zuwa firem na 20, a mai da X ya zama 400. Kifirem na biyu zai fito da kansa. Tafiyar fiksel 600 ke nan cikin firem 20, wato kashi 8 cikin 10 na sakan.

Idan aka bar shi haka, kowane firem zai ci fiksel 30. Na farko 30, na goma 30, na ashirin 30, na ashirin da ɗaya sifili. Duk matsalar tana wannan mataki na ƙarshe. Abu yana gudun fiksel 750 a sakan, firem ɗaya kacal ya wuce, ya zama ba ya motsi ko kaɗan. A kan allon aikin ma ana iya ganin haka da ido. Idan aka zaɓi layin, hanyar da sunan zai bi takan fito da ɗigo-ɗigo a kanta, kowane ɗigo firem ɗaya ne. A tafiyar bai-ɗaya ɗigon suna jere da tazara iri ɗaya har ƙarshe. Gwani ba ya buƙatar kunna bidiyon kafin ya san yadda motsin zai kasance, ɗigon nan sun gaya masa.

Yanzu a zaɓi kifirem ɗin biyu a danna `F9`, wato umarnin `Easy Ease`. Alamominsu za su sauya siffa, su tsuke a tsakiya. Abin da manhajar ta yi shi ne ta mai da gudun sifili a daidai kowane kifirem, sannan ta ba kowane ɓangare ikon kashi 33.33 cikin ɗari na lokacin, abin da take kira `Influence`. Ga yadda rabon ya koma. Firem na farko ya ci fiksel 4 da ɗan ɗoriya maimakon 30. A firem na 5 sunan ya yi tafiyar fiksel 94 ne kawai, alhali da ya yi 150. A tsakiyar hanya kowane firem yana cin kusan 45, kuma a firem na 10 an kai 300 cif, daidai da na da. Daga nan sai abin ya juya, matakan su riƙa ƙanƙancewa har na ƙarshe ya koma fiksel 4. Akwai darasi a ɓoye a cikin 45 ɗin nan. Tunda lokacin bai ƙaru ba, duk jinkirin da aka yi a tashi da sauka dole a biya shi a tsakiya, shi ya sa gudun can ya kai ninki ɗaya da rabi na gudun bai-ɗaya. Sassauci ba kyauta ba ne. Abin da ka rage a wuri ɗaya, sai ya fito a wani.

Lanƙwasar da ke bayan wannan rabo tana da nata tarihi. Injiniyoyin kamfanonin mota biyu na Faransa, Paul de Casteljau a Citroën da Pierre Bézier a Renault, su ne suka yi aiki a kanta a ƙarshen shekarun 1950 da cikin na 1960, don tsara jikin mota mai santsi. Layi ne da ake lanƙwasawa ta hanyar jan hannaye biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Idan aka danna `Shift+F3` aka buɗe `Graph Editor`, za a ga waɗannan hannayen. A zanen gudu, tafiyar bai-ɗaya layi ce a kwance, ta `Easy Ease` kuwa tudu ce da ta tashi daga ƙasa, ta kai ƙololuwa a tsakiya, ta sauko daidai yadda ta hau.

Mafi yawan masu koyo a nan suke tsayawa, su danna `F9` su wuce. Gwani kuwa a nan yake fara tambaya, kuma tambayarsa mai sauƙi ce: wa ke ganin farkon tafiyar nan? Sunan yana wajen allo lokacin da ya tashi. A firem biyar na farko, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa ne ya leƙo, don haka tashin da aka yi a hankali ɓata lokaci ne, mai kallo yana jiran abin da bai iso ba. Abin da ke shigowa daga waje kamata ya yi ya shigo da gudunsa, kamar da ma can yana tafe, a ajiye duk taushin a wajen sauka.

Ana iya yin haka da lissafi tsaf. A zaɓi kifirem na farko a danna `Ctrl+Shift+K` don akwatin `Keyframe Velocity` ya buɗe, a sa `Outgoing Velocity` ya zama 2250, wato ninki uku na 750, a sa `Influence` 33.33. A kifirem na biyu a bar `Incoming Velocity` a sifili da `Influence` 33.33. Sakamakon shi ne lanƙwasar da masu shirya manhaja ke rubutawa haka, inda `t` ke tafiya daga 0 zuwa 1:

```
y = 1 - (1 - t)^3
```

Tana cikin jerin lissafin sassauta motsi da Robert Penner ya yaɗa a littafinsa na manhajar Flash a 2002, wanda har yau ake amfani da shi. A sabon rabon, firem na farko shi kaɗai ya ci kusan fiksel 86. A firem na 5 an kai 347, fiye da rabin hanya, har yawancin sunan ya bayyana. A firem na 10 an kai 525. Saura fiksel 75 kacal, kuma su ne aka shimfiɗa a kan sauran firem goma, har matakin ƙarshe bai kai kashi ɗaya cikin goma na fiksel ba. Ribar a fili take. Tun daga tsakiyar lokacin, sunan ya yi sanyin da ido zai fara karanta shi, ga shi kuma bai tsaya ba tukuna, saboda haka babu wani firem da za a nuna a ce a nan ya ƙame. Mai kallo ya samu sunan da wuri, ya kuma same shi cikin natsuwa.

Fita kuwa akasin haka ake yi mata. A bar sunan ya zauna sakan huɗu, wato firem 100, don mai karatu a hankali ma ya gama. A firem na 120 a kwafi kifirem na biyu a manna, sannan a firem na 132 a mai da X zuwa -200. A nan tashin ne ake gani, saukar tana waje, don haka a kifirem na 120 ake sa sassauci da `Ctrl+Shift+F9`, wato `Easy Ease Out`, a bar sunan ya ƙara gudu har ya ɓace. An ba fitar firem 12 maimakon 20 da gangan. Wanda ya riga ya karanta suna ba ya buƙatar ya raka shi ƙofa.

Akwai tarko a sunayen umarnin da ya kamata a sani. A After Effects da Premiere Pro, kalmomin shiga da fita suna duban kifirem ne. `Ease In` yana sassauta shigowa cikin kifirem, don haka na ƙarshe ake sa wa, shi kuma `Ease Out` yana sassauta barinsa, na farko ake sa wa. A harshen CSS na shafukan intanet kuwa motsin gaba ɗaya ake duba, `ease-in` shi ne mai farawa a hankali, `ease-out` mai ƙarewa a hankali. Wanda ya koya a ɗaya ya koma ɗaya sai ya sa su a juye. Alamar kuskuren ba ta ɓuya: sunan zai taso da nawa, ya zo ya daki gurbinsa da cikakken gudu, ya fi ma tafiyar bai-ɗaya muni.

Kuskure na biyu ya fi wannan rikitarwa, domin a zahiri babu abin da edita ya yi ba daidai ba. Kifirem na 20 da na 120 lambobinsu ɗaya ne, don haka sunan bai kamata ya motsa a tsakaninsu ba. Amma sau da yawa sai a ga yana ɗan zarcewa gaba, ya dawo baya a hankali cikin sakan huɗun nan. Dalili shi ne kifirem na `Position` yana riƙe da lanƙwasa iri biyu, ta lokaci da ta hanya. `F9` ta lokaci kaɗai yake taɓawa. Ta hanyar kuwa manhajar ce ke zagaye ta da kanta don kada a samu kwana mai kaifi, sai ta ƙirƙiri wata 'yar madauki a inda ya kamata a tsaya cak. Idan aka zuƙo allon aikin kusa da gurbin sunan, za a ga ɗigon sun taru a ɗan layin da ya wuce wurin tsayawa. Maganin shi ne a zaɓi kifirem ɗin duka, a buɗe `Keyframe Interpolation` da `Ctrl+Alt+K`, a mai da `Spatial Interpolation` ya zama `Linear`. Hanya ta miƙe, taushin lokaci kuma yana nan yadda aka bar shi.

Na uku shi ne zarce gona da iri. Wanda ya ɗanɗana daɗin jan hannun lanƙwasa yakan so ya kai `Influence` na sauka har kashi 90 ko fiye. Abu biyu ne ke biyo baya. A ƙarshen tafiyar, sunan zai ɗauki firem da yawa yana jan jiki da ƙasa da fiksel ɗaya, kuma siraran haruffa kan riƙa ƙyalƙyali a irin wannan jan jiki, domin manhajar tana raba launin gefensu tsakanin fiksel biyu, rabon yana sauyawa a kowane firem. A farkon tafiyar kuma, matakan za su yi girman da ido zai daina haɗa su ya gan su a matsayin motsi ɗaya, sai ya ga tsalle-tsalle. Ko fiksel 86 ɗin da muka samu ɗazu yana buƙatar taimako. Shi ya sa ake kunna `Motion Blur` a kan layin da kuma a kan aikin gaba ɗaya. Da `Shutter Angle` na 180 da manhajar ke zuwa da shi, hoton yakan shafu da rabin matakin firem ɗin, wato kusan fiksel 43 a farko, sannan shafuwar ta riƙa raguwa tare da gudun har haruffan su fito tas a daidai lokacin da ake son karanta su.

Abin da ya fi burge ni a gwanayen wannan aiki shi ne sun san inda ba a sassautawa. Jerin sunayen da ke hawa sama a ƙarshen fim ɗin Hausa dole ya tafi da gudu ɗaya, in ba haka ba sunayen tsakiya za su wuce da saurin da ba za a karanta ba, na farko da na ƙarshe su yi ta jan ƙafa. Haka layin labarai da ke gudu a ƙasan allo, haka tambarin da ke juyawa ba tsayawa. Hoton da ake zuƙowa a hankali a fim ɗin tarihi ma, idan yanka ne ya kawo shi yanka ne zai ɗauke shi, yawanci gara a bar shi bai-ɗaya, domin sassauci zai sa ya zama kamar a tsaye a farko da ƙarshe, sai ran da ake son ba shi ya tafi. Idan kuma hanya tana da kifirem uku ko huɗu, danna `F9` a kansu duka zai sa abin ya tsaya a kowanne, tunda umarnin yana mai da gudu sifili ne a duk inda ya taɓa. Na farko da na ƙarshe ake sassautawa, na tsakiya a bar abin ya ratsa su. Sannan akwai iyakar da firem ɗin kansu suka gindaya. Motsin da duka-duka firem huɗu ne ba shi da isassun matakan da zai nuna raguwar gudu, ko wace lanƙwasa aka ba shi.

Ƙa'idar da ta haɗa waɗannan duka ita ce, a sassauta a inda mai kallo zai ga abu ya tashi ko ya tsaya, a bar shi da gudunsa a inda ba zai gani ba. Wanda ke son hannunsa ya faɗa, ya gina wannan sunan sau uku a kan layi uku, ɗaya bisa ɗaya: na bai-ɗaya, na `F9`, da mai shigowa da gudu. Ya kunna su tare ya kalla, sannan ya bi su firem bayan firem da maɓallin `Page Down`, yana duba lambar X ta kowanne. A firem na 5 zai tarar ɗaya ya yi tafiyar 150, ɗaya 94, ɗaya 347. Daga ranar da ya iya kallon motsi a talabijin ya ƙiyasta wanne daga cikin ukun ne aka yi, ya daina karɓar rabon da kwamfuta ta yanka masa, ya fara yanka nasa bisa ga abin da yake so mai kallo ya gani da kuma lokacin da yake so ya gan shi.